Shiru ba sa hannu ba ne

A zamanin da muka soma aiki, duk mai son jaridar ƙasar waje ta riƙa iso mashi sai ya tafi gidan waya, ya cika takardar manda, ya biya kuɗin shekara guda. Daga nan jarida za ta dinga faɗowa cikin akwatinsa har ranar da kuɗin suka ƙare. Idan lokacin ya kusanto, masu jaridar kan aiko da ƴar takarda suna roƙon a sake biya. Wanda ya so ya biya, wanda bai so ba ya yi shiru, jarida ta daina zuwa, babu wanda ke bin wani bashi. Shirun mai saye a wancan lokaci yana nufin a'a, kuma kowa ya san da haka.

Yau al'amarin ya juya. Jaridu da mujallu da manhajoji na cikin salula da na'ura ana biyan abonma ɗinsu ne da katin banki, kuma lambar katin tana zama ajiye a hannun mai sayarwa. Idan shekara ta zagayo bai buƙatar roƙon kowa, sai dai ya miƙa hannu ya ɗiba. Shirun da a da yake nufin a'a, yanzu shi ake lissafawa a matsayin na yarda. A cikin takardar sharuɗɗan da ake nuna wa mutum kafin ya biya, Faransawa suna rubuta wannan da kalmomi biyu, «tacite reconduction», wato yarjejeniya ta sabunta kanta idan ba wanda ya ce uffan. Ɗan kasuwa zai ga abin da ban mamaki, domin a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ciniki bai faɗawa sai mai kaya ya ce ya sallama, mai saye kuma ya ƙirga kuɗi da hannunsa. Ba a taɓa jin mai shago ya bi mutum gida ya buɗe mashi aljihu don kawai bara ya sayi turmin atamfa wurinsa ba.

Wannan abu ya same ni, kuma na bi sawun kuɗina har suka dawo. Ina so in ba masu karatu labarin yadda aka yi, daki-daki, saboda na lura da yawa daga cikin abokan aiki da ƴan kasuwa masu riƙe da katin banki suna ɗauka cewa abin da ya fita daga kati ya tafi ke nan har abada.

Na yi abonma na shekara guda da wata mujalla ta ƙasar Faransa mai kawo labarin tattalin arziki, wadda ake karantawa ta intanet. Farashin da suka yi talla na sabon shiga yuro 60 ne. Tun shekarar 1999 da yuro ya fito, darajarsa a kuɗinmu ba ta motsawa: yuro guda sefa 655 da ɗigo 957 ne. Ke nan na biya sefa 39.357, ban da la'adar banki. Na biya da katin nan da ake zuba wa kuɗi kafin a yi amfani da shi. Na karanta mujallar iyakar abin da ya sauwaƙa, kuma ba ni da niyyar ƙara wata shekara, domin abin da nake nema a cikinta na riga na samu.

Da shekara ta kusa cika, sai na zuba kuɗi masu ɗan kauri cikin katin saboda rajistar ɗiyata a wata makaranta ta ƙasar waje, wadda ba ta karɓar biya sai ta kati. Na tafi rangadin aiki cikin ƙauyuka, inda salula ba ta kamawa sai an hau tudu. Da na komo na zauna in biya rajistar, sai aka ƙi karɓar katin, wai kuɗin ciki ba su isa ba. Takardar lissafin da na karɓo a gishe ta nuna cewa kwana tara da suka wuce an cire yuro 120, wato sefa 78.715, da sunan mujallar, banki kuma ya ɗora tasa la'ada ta wajen jika 2 a kai. Farashin sabon shiga ya ƙare tare da shekarar farko, an maida ni kan cikakken farashi, ninki biyu. Saura mako uku a rufe rajista. Kusan jika 81 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai jiran ƙarshen wata. Dole na je wurin yayana ɗan kasuwa na ranto abin da zan cike, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban babban wansa yana bayanin yadda wasu mutane da bai taɓa gani ba suka kwashe mashi kuɗi daga Faransa, ya san nauyin wannan tsayuwa.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, soke abonma daban, neman a maido da kuɗi daban. Wanda ya yi na farko ya zauna jiran na biyu zai daɗe yana jira. Washegari, kwana na goma da sabuntawar, na shiga shafina na mujallar, wurin da aka rubuta «Mon compte», na nemo maɓallin sokewa. Tun ranar 1 ga watan Yuni na shekarar 2023 dokar Faransa ta tilasta wa duk kamfanin da ke ƙulla yarjejeniya ta intanet ya tanadi hanyar warware ta ta intanet ɗin, da maɓalli mai sauƙin gani wanda aka rubuta wa «résilier votre contrat» ko abin da ya yi kama da haka. Dokar ta kuma ce sai kamfanin ya tabbatar wa mutum a rubuce cewa saƙonsa ya iso, ya gaya mashi ranar da yarjejeniyar za ta ƙare. Na danna, na ɗauki hoton kowane shafi da ya bayyana, na jira tabbacin. Da ya zo, ga abin da ya ƙunsa: an karɓi buƙatata, abonma zai tsaya a ƙarshen sabuwar shekarar da aka riga aka biya. Game da yuro 120 kuwa, ko kalma guda babu. Na'ura ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta hana cirewa ta shekara mai zuwa, ta bar ta bana yadda take.

Sai na koma ga takardar sharuɗɗan, doguwar nan da ke ƙasan shafi da ƙananan haruffa. Abu biyu na nema a ciki: dokar wace ƙasa ce ke hukunci idan saɓani ya tashi, da kuma adireshin da ake aika ƙorafi. Na tarar sun rubuta da kansu cewa dokar Faransa ce ke mulkin yarjejeniyar. Wannan layi guda shi ne ƙofar da na shiga ta cikinta, domin ko da yake ina zaune a Nijar, su ne suka zaɓi dokar da za a auna mu da ita.

Dokar kuwa ba ta bar mai saye a banza ba. Tun shekarar 2005 Faransa take da dokar da ake kira da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, Luc Chatel, wadda yanzu take cikin kundin kare masu saye a aya mai lamba L215-1. Abin da ta tanada a taƙaice shi ne: duk kamfanin da ke sayar da hidima da yarjejeniya mai sabunta kanta, wajibi ne ya tunatar da mai saye a rubuce cewa yana da damar ƙin sabuntawa. Tunatarwar tana da lokacinta, kada ta riga wata uku, kada kuma ta yi ƙasa da wata guda kafin ranar ƙarshe ta ƙin amincewa. Tana da siffarta, wasiƙa ce da sunan mutum ko saƙon mel da aka keɓe don wannan magana kaɗai, kuma a rubuta ranar ƙarshen cikin wani zagayayyen wuri da ido zai faɗa a kai. Idan kamfani bai yi haka ba, mai saye yana da ikon yanke yarjejeniyar kyauta a duk ranar da ya ga dama bayan sabuntawar, kuma a maido mashi da abin da aka karɓa cikin kwana 30 daga ranar da ya yanke, bayan an cire kuɗin kwanakin da hidimar ta riga ta gudana.

Ma'anar wannan ita ce, doka ta yarda a ɗauki shirun mutum a matsayin amincewa bisa sharaɗi guda, sai idan an tambaye shi ya yi shirun. Wanda ba a tambaya ba, shirunsa ba ya ɗaure shi. Don haka kafin in rubuta komai sai da na bincike akwatin saƙonnina na wata huɗu da suka wuce, har da wurin da na'ura ke jefa saƙonnin da take zato na banza ne, domin idan tunatarwar tana can kwance, hujjata ta rushe. Na tarar da tallace-tallacensu da jerin kanun labaransu na kowane mako. Tunatarwa kam babu.

Wasiƙar da na rubuta gajera ce, da Faransanci, ba ta cika rabin shafi ba. Ran nan zuciyata tana tafasa, amma na san wanda zai karanta ta wani ƙaramin ma'aikaci ne da ke duba ɗaruruwan irinta, wanda ba shi ya cire kuɗin ba, kuma abin da zai iya kai wa shugabansa shi ne lamba da rana. Na sa sunana da lambar abonma da adireshin mel ɗin da na yi rajista da shi. Na faɗi ranar da aka cire kuɗin da adadinsu. Na ce ban samu tunatarwar da aya ta L215-1 ta wajabta ba, saboda haka na yanke yarjejeniyar daga ranar da na danna maɓallin, ba daga ƙarshen shekara ba. Na yi masu lissafin da kaina: yuro 120 na kwana 365 ne, kwana goma sun ci yuro 3 da santim 29, saura yuro 116 da santim 71, su nake nema a maido kan katin da aka cire su cikin kwana 30. Na haɗa da hoton layin da ke cikin takardar banki, bayan na rufe sauran layukan da ba su shafe su ba, da hoton tabbacin sokewa. Lambar katin kuwa, huɗun ƙarshe kaɗai na rubuta. Babu kamfanin kirki da ke buƙatar cikakkiyar lamba da lambobin sirri na bayan kati kafin ya maido da kuɗi, kuma duk wanda ya kira ya nemi waɗannan da sunan zai taimaka, ɓarawo ne.

Wani zai ce don me ban nemi yuro 120 cif ba. Dalili shi ne doka ba ta ba ni su ba. Wanda ya nemi abin da ya wuce haƙƙinsa ya ba abokin gardama abin kamawa, sai a bar maganar babban kuɗi a koma jayayya kan ƙarami. Da na cire masu kwanakinsu goma da hannuna, ban bar masu wani abin gyarawa a lissafin ba.

Amsar farko ta zo bayan kwana huɗu, kuma da gani an san rubutacciya ce tun tuni da ake aika wa kowa. Ta ce na amince da sharuɗɗa ranar da na yi rajista, kuma ba a maido da kuɗin shekarar da aka soma. Na amsa cewa ban musanta amincewa da sharuɗɗan ba, amma sharaɗin kamfani bai shafe doka, na roƙe su su turo mani kwafin tunatarwar da ranar da aka aika ta. A dokar tasu, wanda ya ce ya sauke nauyin da ke kansa shi ne ke kawo shaida, ba a ɗora wa mai saye ya tabbatar da cewa wasiƙa ba ta zo ba.

Amsa ta biyu ta fi ta farko armashi. Wani mutum ne ya rubuta ta da kansa, ya ce an sanar da ni, ya manno da ɗaya daga cikin saƙonnin kanun labarai na mako-mako. Can ƙasa, bayan labarai da talla, akwai layi guda da ƙananan haruffa mai cewa abonma na shekara yana sabunta kansa. Ya ƙara da cewa, saboda girmama tsohon mai karatu, za su ba ni ƙarin wata uku kyauta. Nan ne wuri mai santsi. Wanda ya karɓi kyautar ya amince ke nan da sabuwar shekarar, kuma ba zai ji daɗin komawa ya ce ya yanke yarjejeniyar da yake cin moriyarta ba. Na gode mashi, na ce ba na so. Na nuna mashi cewa doka ta ce saƙo keɓaɓɓe, shi kuwa wannan jerin labarai ne da ake aika wa kowa. Ta ce a rubuta ranar ƙarshe a fili, nan kuwa babu wata rana ko kaɗan. Na rufe da cewa idan kwana 30 suka cika ba a biya ba, zan kai maganar ga mai shiga tsakani da suka ambata cikin sharuɗɗansu.

Wannan mai shiga tsakani ba barazanar banza ba ce. Dokar Faransa ta wajabta wa kamfanonin da ke sayar wa jama'a su naɗa wanda zai sasanta su da masu saye, ba tare da mai saye ya biya ko tamma ba. Sharaɗinsa shi ne sai mutum ya fara kai ƙorafi a rubuce ga kamfanin, kuma kada ya bari shekara ta wuce daga ranar ƙorafin. Shawarar da zai bayar ba hukuncin alƙali ba ce, kowane ɓangare na iya ƙin ta, amma kamfani ya san cewa takardun da zai shimfiɗa a gabansa su ne waɗannan da ya kasa kare kansa da su a gabana. Tun daga ranar sokewa kuma ban sake buɗe mujallar ba ko sau ɗaya, domin na'urarsu tana rubuta kowace shiga, kada a ce ina neman kuɗi ina kuma karatu.

Ana cikin haka na leƙa banki, don in san abin da ya rage mani idan suka ƙi. Yaron da ke kula da sashen katuna ya saurare ni da natsuwa, sannan ya ce: «Baba, akwai takardar ƙalubalantar cirewa da za ka iya cikawa, mu aika ta ga kamfanin katin. Amma kada ka rubuta cewa ba ka san mutanen nan ba. Kai ka ba su lambar katinka bara, za su nuna shaida, a yi watsi da ƙararka.» Ya bayyana mani cewa hanyar banki ta fi ƙarfi ga wanda ya soke abonma kafin ranar sabuntawa, yana riƙe da tabbaci a rubuce, aka kuma cire mashi duk da haka. Irin wannan ƙara tana da wa'adi, galibi kwana 120 daga ranar cirewa, kuma za a nemi shaidar cewa mutum ya fara neman sulhu da mai sayarwa. Na tambaye shi ko in rufe katin in huta. Ya ce: «A'a Baba, bar shi tukuna. Idan za su maido, kan katin nan za su maido. In ka rufe shi, kuɗin za su yi ta yawo, mu yi ta nemansu da takardu.» Ya ƙara da cewa rufe kati ko barinsa babu ko dala ba ya kashe yarjejeniya. Yana hana su ɗiba ne kawai, a littafinsu kuwa mutum ya zama mai bashi.

Kwana shida bayan wasiƙata ta uku, saƙo ya zo mai layi biyu, babu ban haƙuri, babu amsa laifi: an ba da umurnin maido da yuro 116 da santim 71. Sai da aka ƙara mako guda kafin su bayyana a katin, domin kuɗin da ke komowa sun fi masu fita nawa. Sefa 76.557 suka shigo, kafin wa'adin kwana 30 ya cika. Na kai wa yayana abinsa, na cika da abin da ya rage daga aljihuna. La'adar banki ba ta dawo ba, tun da banki ya yi aikinsa na aika kuɗi, ita mujallar kuma ba ita ta karɓe ta ba. Idan aka haɗa da kuɗin kwana goma, abin da ya salwanta ya kai wajen jika 4.

Ba zan so mai karatu ya ɗauka cewa wannan hanya tana ɓullewa ga kowa ba. Da labarin ya bazu, wani Alhaji maƙwabcina mai shagon kayan gini ya same ni da tasa matsalar. Yaronsa ya sa mashi wata manhaja ta lissafin kaya a salula, ta wani kamfanin Amurka, ana biya da dalar Amurka shekara-shekara. Da ya ga ba ta yi mashi ba sai ya goge ta, bayan wata bakwai kuma aka cire mashi kuɗin sabuwar shekara. Ya ce: «Malam, abin da na share daga wayata da hannuna, yaya za a ce ina bin sa da biya?» Na ce: «Alhaji, in ka ɗauki hayar rumfa ka daina zuwa, ba ka maida mabuɗi ba, ai mai rumfa zai ci gaba da lissafi.» Goge manhaja daga salula bai isar da saƙon komai ga kamfani. Sokewa tana cikin asusun da aka yi rajista da shi, idan kuma ta kantin manhajoji na cikin salular aka saya, to can ne ake sokewa, ba wurin masu manhajar ba.

Da muka duba takardunsa, sai muka ga abu biyu sun raba shi da ni. Na farko, sharuɗɗansa ba su ambaci dokar Faransa ba, don haka ayar da ta cece ni ba ta da aiki a kansa. Na biyu, kuma wannan ya shafi ƴan kasuwa musamman, da sunan shago ya yi rajistar, don aikin shago. Ko da kamfanin na Faransa ne, dokar an yi ta ne don mai saye na kansa da wanda ba sana'arsa yake yi wa sayayyar ba. Ɗan kasuwar da ya saya don kasuwancinsa ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya san abin da ya sa wa hannu, sai abin da yarjejeniya ta ce. Abin da ya rage wa Alhaji shi ne roƙo, da duba ko kamfanin da kansa ya ba da ƴan kwanakin da ake iya janyewa bayan sabuntawa. Ya ba da, amma sun wuce. Muka soke na shekara mai zuwa, muka ajiye tabbacin, na bana kuwa ya tafi. Ko da an maido mashi, da wuya su dawo daidai, domin dalar Amurka tana hawa tana sauka a kan sefa, ba kamar yuro ba, kuma ana canza kuɗin ne da farashin ranar da suka komo.

Bambancina da Alhaji bai zo daga wayo ko iya Faransanci ba. Ya zo ne daga abin da ke rubuce: wace doka, da sunan wa aka saya, wace rana aka cire, wace rana aka soke, wane saƙo aka aiko, wane ne ba a aiko ba. Mu mutane ne da suka saba da cinikin baki da amana, inda shaidu biyu da musafaha suka wadatar. Kamfanin da ke bayan teku bai san fuskar kowa ba, ba ya jin kunyar kowa, kuma kiran salula, ko an yi sa'a wani ya ɗauka, ba ya barin sawu. Abin da aka faɗa da baki a bi shi da rubutu a ranar, idan kuma kuɗin masu yawa ne a aika da wasiƙar da ake sa hannu kafin a karɓa, wadda ma'aikatan gidan waya ke kira rakomande.

Ga wanda ke shirin yin abonma yanzu, akwai dabara mai sauƙi. A wurare da yawa ana iya kashe sabuntawa tun ranar da aka biya, mutum ya ci gaba da morar shekararsa har ta ƙare, ranar da ta ƙare kuma abin ya tsaya da kansa kamar jaridar gidan waya ta da. Sai dai a karanta abin da shafin ya ce kafin a danna, a tabbata hidimar ba za ta yanke nan take ba. A duba kuma farashin shekara ta biyu, domin shi ne farashin gaskiya, na farko kiran kasuwa ne. Katin da ake biyan abonma da shi kuwa, kada a mai da shi ma'ajiyar kuɗin makarantar yara ko na sarin kaya. A zuba mashi abin da za a kashe, a ranar da za a kashe shi. Wanda aka riga aka cire wa kuma, ya fara da ƙirga kwanaki tun yau, domin kowace rana da ta wuce ana rage ta daga abin da za a maido mashi, wa'adin banki kuma ba ya jiran kowa.